Daga wane tsawo za a saki ƙwallo ya zagaye zobe bai faɗo ba?

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, ni da ɗaliban da nake yi wa darasin fiziks da yamma a Unguwar Rogo da ke Jos muka haɗa wata 'yar na'ura. Na sayo katako a Kasuwar Katako, na samo layin labule na roba, irin mai lanƙwasuwa, muka kafa shi ya gangaro daga sama, ya naɗe ya yi zobe a tsaye, sannan ya miƙe ya fita. Wani bakanike ya ba mu ƙwallon boris na babbar mota, mai faɗin santimita 2. Zoben kuwa faɗinsa santimita 40 ne, wato daga tsakiyarsa zuwa jikin hanyar santimita 20. Tambayar tsohuwa ce, ɗaliban fiziks kan ci karo da ita: mene ne mafi ƙanƙantar tsawon da za a saki ƙwallon daga gare shi, ya gangaro yana mirgina ba tare da zamewa ba, ya hau zoben, ya wuce ta ƙololuwarsa bai rabu da hanyar ba?

Amsar farko da yaran suka bayar ita ce wadda hankali ke fara kawowa. Suka ce a sake shi daidai da tsawon saman zoben, tunda abin da ya gangaro daga wani tsawo yana iya komawa wannan tsawon. Maganar tana da gaskiya a cikinta, amma ba ta wannan wurin ba ce. Ƙwallon da ya koma tsawon da ya baro, to ya isa can ne ba shi da sauran gudu ko kaɗan. A kan tudu wannan ba komai, ƙasa na ƙarƙashinsa tana tallafe da shi. A saman zobe kuwa hanyar tana bisa kansa ne, shi yana ƙarƙashinta. Hanya tana iya tura ƙwallo, ba ta iya riƙe shi. Idan ya iso wurin a gajiye, faɗowa zai yi, kuma tun kafin ya kai ƙololuwar ma zai faɗo.

Duk wanda ya taɓa wulwula bokiti da ruwa a ciki ya san wannan a hannunsa. Idan ka wulwula da sauri, bokitin na kife a saman kanka amma ruwan bai zuba ba. Ka sassauta kaɗan, ka jiƙe. Abin da ke faruwa shi ne, duk abin da ke tafiya a kan da'ira sai an riƙa jawo shi zuwa tsakiyarta, kuma yawan jan da yake bukata yana ƙaruwa da gudunsa: mv² a raba da rabin faɗin da'irar, inda m nauyin abin ne, v kuma gudunsa. A saman zobe abu biyu ne ke ba da wannan jan, dukansu ƙasa suke nufa: nauyin ƙwallon, da turin da hanyar ke yi masa. Idan gudun ya yi yawa, nauyi kaɗai bai isa ya lanƙwasa tafiyar ba, sai ƙwallon ya danne jikin hanyar, ita kuma ta cike gibin da turi. Idan gudun na raguwa, turin na raguwa. Iyaka ita ce inda turin ya zama sifili, nauyi shi kaɗai ya wadatar. Ƙasa da haka nauyi ya fi abin da da'irar ke bukata, sai ya janye ƙwallon daga jikin hanyar.

A nan akwai wani wuri da ake yawan tuntuɓe. Da'irar da za a yi lissafi da ita ba ta jikin hanyar ba ce, ta tsakiyar ƙwallon ce. Idan rabin faɗin zoben R ne, na ƙwallon kuma r, to cibiyar ƙwallon tana zagaya da'ira mai rabin faɗi R − r. A namu, 20 a cire 1, santimita 19. Sharaɗin ƙololuwa ke nan:

v² = g(R − r)

Idan aka sa jan ƙasa g = 9.8, R − r kuma mita 0.19, gudun ya kama wajen mita 1.36 a daƙiƙa. Wannan shi ne mafi ƙarancin gudun da ƙwallonmu zai ratsa saman zoben da shi. Ka lura nauyin ƙwallon ya ɓace daga lissafin, domin yana ɓangarorin biyu.

Saura a gano daga wane tsawo ake samun wannan gudun. Kuzarin da ƙwallon ke da shi a wurin sakinsa na tsawo ne, mgh. Yana gangarowa wannan kuzarin ke komawa na motsi, yana hawa zoben kuma wani ɓangare ya sake komawa na tsawo. A ƙololuwa cibiyarsa tana sama da inda take a gindin zoben da 2(R − r), kuma yana bukatar ragowar kuzarin gudu. Da a ce abu ne mai sulɓi kawai, kamar ƙanƙara a kan gilashi, kuzarin gudunsa ½mv² ne, wanda ya yi daidai da ƙarin tsawo na rabin R − r. Biyu da rabi ke nan. Wannan 2.5 ɗin ita ce lambar da ɗalibai da yawa suka haddace, kuma da ita muka fara gwaji: 2.5 sau 19, santimita 47.5. Muka auna, muka saki ƙwallon. Ya gangaro da ƙara, ya hau, sai ƙarar ta ɗauke, ya yanko ta cikin zoben ya bugi ɗaya ɓangaren.

Wata ɗaliba da ke zaune gaba ta ce, "Malam, ai shi wannan ba sulɓi yake yi ba, juyawa yake yi. Juyin ba ya cin wani abu?"

Yana ci, kuma nan ne zuciyar maganar. Ƙwallon da ke mirgina aiki biyu yake yi a lokaci guda: cibiyarsa na tafiya gaba, jikinsa na juyawa a kan cibiyar. Kowanne yana da kuzarinsa, kuma duka daga aljihu ɗaya ake biyansu, wato daga tsawon da aka sako shi. Abin da juyi ya ɗauka, gudu ya rasa. Shi kuwa sharaɗin ƙololuwa bai san da zaman juyi ba, gudun cibiya kaɗai yake tambaya. Ƙwallo na iya isa saman zobe yana juyi kamar fanka, in cibiyarsa ba ta kai mita 1.36 a daƙiƙa ba, faɗowa zai yi.

Kalmar "ba tare da zamewa ba" ita ce ke ba mu damar sanin rabon kowanne. Ma'anarta ita ce, ɗigon jikin ƙwallon da ke taɓa hanya a kowane lokaci a tsaye yake cik, ba ya gogar hanyar. Dubi sawun tayar keke a kan laka bayan ruwan sama: zanen tayar na fitowa raɗau, domin kowane ɓangare nata sauka yake yi ya tashi, bai ja ba. In mai keken ya damƙe birki tayar ta ja, sawun sai ya zama shafe. Mirgina mai tsabta tana ɗaure gudu da juyi wuri ɗaya: duk zagaye guda da ƙwallon ya yi, ya ci tazara daidai da kewayen jikinsa, wato v = ωr, inda ω ke nuna saurin juyi. Akwai kuma riba ta biyu. Tunda wurin haɗuwar ba ya gogawa, gogayyar da ke tsakanin ƙwallo da hanya ba ta ƙona kuzari ya zama zafi. Aikinta kawai ta karkasa shi tsakanin gudu da juyi. Shi ya sa muke iya cewa kuzarin farko da na ƙarshe daidai suke, alhali akwai gogayya a hanyar.

Kuzarin juyi shi ne ½Iω², inda I ke nuna yadda nauyin abu ya bazu daga tsakiyarsa. Ga ƙwallo cikakke, wanda ba rami a cikinsa, I = (2/5)mr². Idan aka sa ω = v/r, r ɗin ya share kansa, kuzarin juyi ya zama (1/5)mv². A haɗa da ½mv² na tafiya, jimla (7/10)mv². Wato a cikin kowane kashi bakwai na kuzarin motsi, biyar na gudu ne, biyu na juyi, ko ƙwallon ƙarami ne kamar gujiya ko babba kamar kankana. Yanzu sai a daidaita:

mgh = mg·2(R − r) + (7/10)mg(R − r)

h = 2.7(R − r)

Ga namu, 2.7 sau 19, santimita 51.3. Bambancinsa da 47.5 bai kai santimita 4 ba, amma shi ne tsakanin wucewa da faɗowa. A kan takarda ma ana iya faɗin inda ƙwallon da aka sako daga 2.5 zai rabu da hanya: saura kamar digiri 28 ya kai ƙololuwa. Wanda aka sako daidai da saman zoben kuwa, amsar farko ta yaran, tun saura digiri 54 zai saki.

Ina son a kula da abin da h ɗin nan ke aunawa, domin na ga ɗalibai biyu sun yi lissafi daidai, amsoshinsu sun saɓa, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya ɓata. Wannan h ɗin shi ne yawan saukar da cibiyar ƙwallon ta yi, daga wurin saki zuwa inda take in ƙwallon na gindin zobe. In kuwa daga jikin hanyar a gindin zobe ka auna zuwa cibiyar ƙwallon a wurin saki, sai ka ƙara r ɗaya, ka sami 2.7R − 1.7r, wato santimita 52.3. Wuri ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta. Ita kuma 2.7R da ake yawan gani, ta ƙwallon da ya yi ƙanƙanta ƙwarai ne a kan zoben, har ana iya mantawa da r. In tambayar jarrabawa ta ba ka r, to so ake ka yi aiki da shi.

Abin da ba ya cikin amsar ma abin dubawa ne. Babu nauyi, babu g. Jos na bisa tsauni, sama da mita 1,000 daga doron teku, jan ƙasa a nan ya ɗan gaza na Legas kaɗan, amma na'urarmu in an kai ta Legas tsawon sakin bai canja ba. Ko duniyar wata aka kai ta haka ne, sai dai ƙwallon ya yi tafiyar a hankali. Abin da ke canja amsar shi ne siffa. Ƙwallo mai rami a ciki, irin na tebur, nauyinsa duk yana a fata, nesa da tsakiya, don haka juyinsa ya fi ci: I = (2/3)mr², amsar ta zama kusan 2.83. Gare kuwa, irin bakin keken da yara ke korawa da sanda, nauyinsa gaba ɗaya a gefe yake, rabin kuzarinsa cif juyi ke cinyewa, shi sai daga 3.

To, muka koma ga na'urar da lambarmu ta gaskiya. Muka sa alama a 51.3, muka saki. Ya hau fiye da na farko, ya kusa, sai ƙarar ta sake ɗaukewa, ya faɗo. Aka maimaita sau biyar, haka. Wani yaro ya ce ko katakon ne bai daidaita ba. Malamai da yawa a wannan gaɓar sukan ce "gogayya ce da iska" su wuce, ni kuwa ina ganin a nan ne darasin ya fi daɗi, domin dalilan ana iya kamo su ɗaya bayan ɗaya, har a sa musu lamba.

Na farko yana jikin layin labulen. Muka ɗaga shi muka duba ta ƙarshensa da ƙwallon a kai. Ƙwallon ba a kan gindinsa yake zaune ba, a kan leɓɓa biyu na layin yake, cikinsa ya ɗan nutse a tsakani. Tazarar leɓɓan santimita 1.2 ce. Wuraren da yake taɓawa ke nan suna gefe-gefe, inda kewayen jikinsa ya fi ƙanƙanta. Da lissafin Paitagoras, rabin tazarar 0.6 ne, rabin faɗin ƙwallon 1, saboda haka rabin faɗin da yake mirgina a kai 0.8 ne. Kamar an sa wa mota ƙaramar taya: kafin ta ci tazara ɗaya sai ta yi juyi fiye da da. Juyin ya ƙaru, kuzarinsa kuma da ninkin juyin a kansa yake tafiya, sai kason nan na 0.2 ya koma 0.2 a raba da 0.64, kusan 0.31. Lambar ta tashi daga 2.7 zuwa 2.81. Cibiyar ƙwallon kuma yanzu tana zagaya da'ira mai santimita 19.2, tunda ya nutse kaɗan. A haɗa, santimita 54. Ta zo daidai da 2.7 sau 20, amma dacewa ce kawai ta waɗannan lambobin, babu wata alaƙa. Duk wanda ke amfani da hanya mai kwari ko mai leɓe biyu, ya sani 2.7 ba tasa ba ce.

Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma ko hanyar shimfiɗaɗɗiya ce yana nan. Ya shafi ainihin sharaɗin da aka gina tambayar a kai. Yayin da ƙwallo ke hawa zoben, gudunsa na raguwa, dole juyinsa ma ya ragu tare da shi in ana son su ci gaba da tafiya a ɗaure. Nauyi ba ya iya rage juyi, domin a cibiya yake ja. Gogayya ce kaɗai ke iya wannan, kuma a kan hawa gaba take tura ƙwallon: tana karɓo kuzari daga juyi tana mayar wa gudu. Amma gogayya ba ta da ƙarfin kanta, daga dannawa take samu. Gwargwadon yadda ƙwallo ya danne hanya, gwargwadon riƙon da za ta iya yi masa. Mu kuma da kanmu muka zaɓi tsawon da zai sa dannawar ta zama sifili a ƙololuwa.

Idan aka bi lissafin, a kusurwa θ kafin ƙololuwa, gogayyar da ake bukata ita ce (2/7)mg sin θ, dannawar kuma (17/7)mg(1 − cos θ). Dukansu suna tafiya zuwa sifili, amma dannawar ta fi saurin ƙarewa. A tsakiyar hawan, inda hanyar ke tsaye kamar bango, gogayyar da ake nema wajen kashi 12 cikin 100 na dannawar ce, kusan kowace hanya tana iya bayarwa. Saura digiri 30, ta kai kashi 44. Saura digiri 20, kashi 67. Daga nan sai hauhawa ba iyaka. Babu roba ko katako ko wani abu a duniya da zai iya biyan wannan har ƙarshe. Ke nan ƙwallon da aka sako daga 2.7 cif dole ya ɗan zame kafin ya kai sama. Da ya fara zamewa, taimakon da juyi ke ba gudu ya ragu, ya iso da juyi fiye da lissafi da gudu ƙasa da lissafi, ya saki hanya gab da ƙololuwa. Ba babban gibi ba ne, amma na gaske ne. Ma'anarsa ita ce 2.7 iyaka ce ta ƙasa, wadda ake kusantarta in hanyar na da riƙo sosai, ba tsawon da ƙwallo na zahiri zai wuce daga gare shi ba. A ganina malamin da ya koyar da wannan tambayar bai faɗi haka ba, ya bar ɗalibinsa da rabin labari, kuma ranar da ɗalibin ya gwada ya ga saɓani zai zargi hannunsa ko ya zargi fiziks, alhali babu mai laifi a cikinsu.

Sai na uku, asarar da kowa ya sani: robar na ɗan lotsawa a ƙarƙashin ƙarfe, zoben na girgiza, ƙarar da muke ji ma kuzari ce ke fita. Girgizar ba ƙarama ba ce, domin a gindin zobe ƙwallon na danna hanya da 34/7 na nauyinsa, kusan ninki biyar. In ba a ɗaure gindin da kyau ba, za ka ga zoben ya yi numfashi duk sanda ƙwallon ya shigo. Da muka ƙara kusoshi biyu a wurin, tsawon da ake bukata ya sauko a idonmu.

Sanin ko ƙwallo ya wuce da gaske ma sai da kula, domin wanda ya rabu da hanya gab da sama yakan yi ɗan tsalle ya sake kama ta a ɗaya gefen, ido ya ga kamar ya zagaye. Kunne ya fi ido a nan. Mirgina na da ƙara mai ɗorewa. In ka ji ta yanke sannan ka ji "ƙas", ya tashi ya sauka ne. Mun kuma ɗauki bidiyo da waya a yanayin da ke rage sauri, muka ɗiga wa ƙwallon jan fenti don a ga juyinsa. Muka riƙa ƙara rabin santimita muna saurare. A 55 da 56 ana jin ɗan "ƙas" ɗin, yana raguwa. A wajen 57 ƙarar ta zagaye zoben ba ta yanke ba, ƙwallon ya fita ta ƙasa ya gangara har bakin ƙofa. Ɗalibar nan ta ɗauki biro ta rubuta lambobin huɗu a jikin katakon, kowace a tsawonta: 47.5, 51.3, 54, 57. Mako na gaba za mu canja boris ɗin da ƙwallon tebur, kuma na ce kowa ya zo da tsawon da ya lissafa kafin a saki.